Ra'ayinmu: Kafin a ɗora kayan gyara a mota, a rubuta wace mota suke shiga

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kofar Ruwa da hantsi ya san yadda cinikin kayan gyara yake tafiya tun fil azal. Yaron bakanike zai sauko daga babur, tsohon ƙarfe a hannunsa naɗe cikin tsumma, mai ya baƙanta masa farce. Ba ya doguwar magana. Ya ajiye abin a kan teburi, mai shago ya juya shi sau biyu, ya shiga ciki ya fito da irinsa, a haɗa su baki da baki, a ƙirga ramukan noti, a duba soket. In sun dace a biya, in ba su dace ba a leƙa shagon maƙwabci. Haka ake yi a Panteka ta Kaduna, haka ake yi a Ladipo ta Ikko da Suame ta Kumasi. Tsarin yana aiki, kuma ba mu zo mu raina shi ba. Sai dai yana da sharaɗi guda: tsohon ƙarfen da sabon su haɗu a wuri ɗaya.

Yau wannan sharaɗin ne ya fara faɗuwa. Bakanike yana Potiskum ko Gusau ko Maraɗi, mai kaya yana Kano ko Ikko ko Nnewi. Ana yin ciniki a waya, a tura kuɗi ta banki, a kai kaya tasha a ba direba. Abin da ya maye gurbin haɗa ƙarfe da ƙarfe shi ne magana, kuma maganar da aka saba yi gajera ce ƙwarai: sunan mota, laƙabinta, wani lokaci da shekara. Tambayar da muke son dubawa ita ce, shin lokaci ya yi da masu sayar da kayan gyara za su riƙa rubuta wa kowane kaya jerin motoci da baburan da yake shiga, su kuma ɗauki alhakin abin da suka rubuta? Akwai masu cewa wannan aikin banza ne a ƙasar da rabin motocinta an sauya musu inji. Maganarsu tana da nauyi, za mu zo kanta. Amma bari mu fara da mota guda, domin a ga inda gizo yake saƙa.

Mu ɗauki Toyota Camry ɗin da ake kira Masul, wadda aka yi daga samfurin 2007 zuwa na 2011. A ido mota ɗaya ce. A bakin dillali ma haka. Amma a cikin waɗanda aka shigo da su daga Amurka, na 2007 zuwa 2009 masu silinda huɗu suna ɗauke da injin lita 2.4 mai lamba 2AZ-FE, da giya mai canza kanta mai hawa biyar, U250E. Na 2010 da 2011 kuwa an sa musu injin lita 2.5, wato 2AR-FE, da giya mai hawa shida, U760E. Akwai kuma mai silinda shida, 2GR-FE, lita 3.5, ga mai haɗa fetur da batir a gefe guda. Laƙabi ɗaya, bodi kusan ɗaya, amma cikin ya kasu gida huɗu.

To ga bakanike a Potiskum, giyabos ɗin Masul ɗin wani ya mutu. Ya buɗe ƙofar direba, ya ga takardar da ke manne a jikin ginshiƙi an rubuta wata da shekarar da aka ƙera motar, a ce 04/09. Ya kira Kano.

"Alhaji, ina son giyar Masul, ta 2009, mai silinda huɗu."

"Akwai, Malam, Baljiyam mai kyau. Ka turo kuɗi yanzu, ta kwana a tasha."

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Sai dai Camry samfurin 2010 ta shiga kasuwar Amurka tun cikin watan Maris na 2009, saboda haka motar da aka ƙera a watan Afrilu na 2009 tana iya zama samfurin 2010 duk da abin da takardar ƙofa ta nuna. Alhaji ya aiko da mai hawa biyar, motar kuwa mai hawa shida take nema, ƙwaƙwalwarta a kan hawa shida aka tsara ta, wayoyinta ma ba su dace da wadda aka aiko ba. Giyabos ba abin sawa a aljihu ba ne. An biya kuɗin ɗauko shi, za a biya na mayar da shi, mota tana kan jak kwana da kwanaki, mai ita yana kiran bakanike safe da yamma, bakanike yana kiran Alhaji, Alhaji yana cewa abin da aka nema shi ya bayar. Kuma gaskiyarsa.

Da an kalli wani layi na daban a kan wannan takardar ta ƙofa, da ba a kai ga haka ba. Lambar shasi, wadda ake rubuta VIN a takardun mota, baƙaƙe da alƙaluma 17 ce, ba a sa I da O da Q a cikinta don kada su rikice da 1 da 0. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka da Kanada, gurbi na goma shi ke faɗin shekarar samfuri: 7 na nufin 2007, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B na nufin 2011. Farkon lambar kuma yana faɗin inda aka ƙera motar. Camry mai farawa da 4T1 a Kentucky aka haɗa ta, mai farawa da JT daga Japan ta fito. A ƙasan takardar, gaban inda aka rubuta A/TM, galibi akan ga lambar giyar kanta ƙarara. Hoto ɗaya na wannan takarda, wanda ba zai ci minti guda ba, ya fi bayanin baki na rabin awa.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka cewa shekarar samfuri ta gama magana. Camry ɗin wannan zubi da aka ƙera a Ostireliya, wadda aka riƙa kai wa ƙasashen Larabawa, ta ci gaba da amfani da injin lita 2.4 har zuwa 2011. Duk wanda ya rubuta a tallarsa cewa kaza yana shiga duk Masul ta 2010 da 2011, ya yi daidai a kan 'yar Amurka, ya yi kuskure a kan 'yar Dubai. Ƙa'idar gurbi na goma ma ba ta bin kowace mota, domin Toyota da yawa da aka yi don Turai ba sa ɗauke da shekara a wannan gurbin. Haka abin yake a Honda: Accord ta 2003 zuwa 2007 ta Amurka, wadda aka raba wa laƙabin Iyodi da Disi, ba ita ce Accord ta Turai ta wannan lokacin ba. Ta Turan mota ce dabam, a Amurka ma da sunan Acura TSX aka sayar da ita. Iyodi da Disi kuwa, duk da kamarsu ta gaba, fitilun bayansu da murfin but ɗinsu ba ɗaya ba ne.

Abin da muke kira jerin dacewa ba wani abu ne mai wuya ba. Bayani ne da ke amsa tambayoyin da yaron bakanike yake amsawa da idonsa in ya haɗa ƙarfe biyu. Mu koma kan Masul, mu ɗauki abu mai araha, matatar mai. Tallar da aka saba gani takan ce: filta ta Camry, orijina. Wanda ya san aikinsa zai rubuta cewa matatar mai ce ta takarda, mai shiga cikin gida, lambarta 04152-YZZA1, tana shiga Camry ta Amurka ta 2010 da 2011 mai injin 2AR-FE, tana kuma shiga mai silinda shida 2GR-FE, ba ta shiga mai injin 2AZ-FE, wannan gwangwani take ɗauka mai ɗaurawa, 90915-YZZF1. Layi uku ke nan. Amma jimlar da ta fi kowace amfani a ciki ita ce ta ƙarshe, mai cewa ba ta shiga kaza. Ita ce jimlar da 'yan kasuwa suka fi ƙin rubutawa, domin a ganinsu korar mai saye ce. Mu a ganinmu korar rigima ce.

Lambar kayan ma tana magana ga wanda ya iya saurarenta. A tsarin Toyota lambar kashi biyu ce, biyar da biyar. Biyar ɗin farko suna faɗin irin kayan, 04465 takalmin burkin gaba ne, 04466 na baya, 81110 fitilar gaba ta dama, 81150 ta hagu. Biyar ɗin ƙarshe su ke bambance wace mota. Saboda haka wanda ya karanto maka biyar ɗin farko kawai bai faɗa maka komai a kan dacewa ba. Sannan kamfani yakan sauya wa kaya lamba bayan shekaru, tsohuwa da sabuwa duka su zama daidai, don haka ya kamata mai talla ya rubuta biyun in ya san su. Hagu da dama kuwa, abin dariya ne yadda suke jawo asara: a wannan sana'a daga kujerar direba ake ƙirga su, fuska na kallon gaba, ba daga inda bakanike yake tsaye gaban bonet ba. Tunda kuma Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kayan sitiyari da fitilun da aka ciro daga motocin Ingila ko Japan, masu sitiyari a dama, suna buƙatar a faɗi asalinsu. Fitilar takan zauna daram a mazauninta, sai dare ya yi ka ga haskenta yana karkata cikin idon masu tahowa.

Wannan fitilar ta kawo mu ga abin da ya fi damunmu. Kayan da ya ƙi shiga asararsa kuɗi ce da lokaci. Kayan da ya shiga alhali ba nasa ba ne, shi ne mugun. A babura abin ya fi yawa. Sarƙa mai lamba 420 da mai lamba 428 tazarar gaɓoɓinsu ɗaya ce, milimita 12.7, shi ya sa ido yake ganinsu abu guda. Amma 428 ta fi faɗi daga ciki, kusan milimita 8 a inda 420 take da 6 da ɗoriya, ƙwayoyinta ma sun fi kauri. Sarƙar 420 ba za ta zauna a haƙoran 428 ba, nan take za a gane. Akasin haka kuwa yana yiwuwa: 428 ta hau haƙoran 420, tana wasa hagu da dama, tana cin haƙoran tana cin kanta, har ranar da za ta sauka a kan hanya da fasinja a baya. Ɗan acaɓan ba zai taɓa cewa an sayar masa da abin da bai dace ba, sai dai ya ce sarƙar yanzu ba ta da ƙwari.

A babur sunan da ke jikin tanki ba ya kai ka ko'ina. Yawancin baburan China da suka cika garuruwanmu, ko wane suna aka liƙa musu, injinansu kwaikwayon 'yan tsirarun injinan Honda da Suzuki ne. Abin da ya fi suna amfani shi ne lambar da aka buga a jikin injin, ta ɓangaren hagu daga ƙasa. In ka ga 156FMI, silinda ɗaya ce, faɗin raminta kusan milimita 56 da rabi, ajin 125. In 162FMJ ce, rami milimita 62, ajin 150. Ta roba-roba takan zama 152FMH, ajin 110. Mai sayar da fistin da ya rubuta wannan lambar ya fi wanda ya jera sunayen babura goma. Duk da haka bai gama ba sai ya faɗi abu biyu. Na farko kaurin sandar da ke riƙe fistin, domin akwai ta milimita 15 akwai ta 13. Na biyu girman fistin ɗin, STD ne ko 0.25 ko 0.50 ko sama, domin injin da aka taɓa faɗaɗa wa rami ba ya komawa girmansa na kamfani, kuma babu takardar da ta san da haka sai bakaniken da ya kai shi. Ita kanta lambar injin tana da iyaka: ana samun injina biyu masu lamba 156FMI, ɗaya na sanda irin na CG, ɗaya na sarƙar taimin, kayan kansu ba sa musanya. Bajaj Boxer kuma nata gidan dabam, ta ajin 100 da ta ajin 150 ba a haɗa su a layi ɗaya a ce na Boksa.

Akwai kayan da ma ba sa buƙatar sunan abin hawa ko kaɗan. Boris mai lamba 6301 raminsa milimita 12 ne, faɗinsa 37, kaurinsa 12, ko a ƙafar wane babur ya fito. Fulogi C7HSA zarensa milimita 10 ne gajere, D8EA zarensa 12 ne dogo. A irin waɗannan, lamba da awo su ne bayanin, jerin sunaye ƙari ne kawai.

Yanzu mu saurari masu ja. Hujjarsu ta farko ita ce mafi ƙarfi: motar da ke kan titinmu ba ita ce motar da ta bar kamfani ba. Masul ɗin da lambar shasinta ta ce 2AR-FE, wataƙila shekara uku da suka wuce injin ya ƙone, mai ita ya sa wanda aljihunsa ya iya saye. An sauya fuskar mota don ta yi kama da sabon zubi, wannan sana'a ce mai zaman kanta. An ɗora kan injin wani babur a kan gindin wani. A irin wannan hali lambar shasi tana faɗin tarihi ne, ba halin da ake ciki ba, kuma wanda ya bi ta ido rufe zai aiko da kayan motar da ta daɗe da mutuwa. Wannan gaskiya ce. Sai dai abin da take nunawa shi ne a rataya jerin a kan lambar inji da lambar giya da lambar tsohon kayan, ba a kan shekara da laƙabi ba. Matatar mai ba ruwanta da bodi, injin da ke ciki yau shi ta sani. Jerin da ya ce tana shiga 2AZ-FE daidai yake ko a cikin wace mota aka dasa injin.

Hujja ta biyu ita ce, kayan Baljiyam ba su da kwali. Kwantena takan zo da rabin mota da tarin ƙarafa a gauraye, ba wanda ya rubuta daga ina kowanne ya fito. Wa zai zauna ya yi wa dubban kaya rajista? Nan ma akwai gaskiya, kuma ba mu ce a yi wa kowane noti takarda ba. Amma manyan kaya, su inji da giya da ƙwaƙwalwa da altaneta da kwamfiresa, da yawansu suna zuwa da lamba a jikinsu, bugaggiya ko a kan takarda. Lokacin da ake warware rabin mota, lambar shasin tana nan a gaban mai warwarewa. Ɗaukar fenti a rubuta lambar inji da shekara a jikin giyabos kafin a jefa shi cikin tsibi aikin daƙiƙa goma ne. Wasu ma suna yi. Bayan wata shida babu mai iya tuna abin da fentin nan zai tuna.

Hujja ta uku ba a cika faɗinta a fili ba, amma ita ce a zuciya. Sanin abin da ke shiga me shi ne jarin ɗan kasuwa. Shekara goma ya yi a ƙarƙashin maigidansa kafin ya san cewa kayan wannan motar yana shiga waccan. In ya rubuta, ya ba kishiyarsa kyauta, mai saye kuma zai kwafi lambar ya je ya nemi mai araha. Ba za mu yi kamar wannan tsoron ba shi da tushe ba, wani cinikin zai kuɓuce. Sai dai sirrin ya riga ya fasu. Kundayen lambobi suna cikin wayar duk wanda ya iya nema, a Turai akwai TecDoc, a Amurka masu sana'ar suna da ma'aunin da suke kira ACES, a kansu manyan dillalai suke jera wace mota ke ɗaukar wane kaya. Abin da ba ya cikin kowane kundi shi ne sanin gida: wane kaya ne aka gwada a nan ya yi, wanne ne kundi ya ce zai yi amma a motocin da suka shigo ta Kwatano bai yi ba. Wannan sanin ba ya ƙarewa don an rubuta layi uku, kuma shi ke sa bakanike ya sake kiran lambar da ya kira jiya.

Akwai hujja ta huɗu wadda mu muke kawowa a kan namu ra'ayin, domin mun fi jin tsoronta. Jeri yana iya zama sabuwar hanyar yaudara. Kowa ya ga kwalin da aka cika bayansa da sunayen motoci ashirin, alhali abin da ke ciki jabu ne. Dogon jeri yana sa mai saye ya saki jiki, yana ganin wanda ya rubuta haka ai ya san aiki. Dacewa kuwa ba inganci ba ce. Takalmin burki yana iya shiga mazauninsa tsaf ya ƙare cikin mako uku. Sannan wanda ya kwafo jeri daga kundin Amurka ya liƙa ba tare da ya taɓa ganin kayan a jikin mota ba, ya ƙara wa kuskure kwarjinin rubutu ne kawai. Jerin ƙarya ya fi rashin jeri illa, domin inda babu jeri bakanike yakan yi tambaya.

Ga hukuncinmu. A rubuta jerin, amma a rubuta shi gajere, kuma a raba abin da aka sani daga abin da ake zato. Mai kaya ya faɗi motocin da ya tabbatar, ko da biyu ne. Ya faɗi waɗanda kundi ya ce suna ɗauka amma shi bai gwada ba, ya ce a turo hoto kafin a biya. Ya faɗi 'yan'uwan motar da ya san kayan ba ya shigarsu. Ya sa lambar da ke jikin kayan, ya ɗauki hoton soket a kusa yadda za a iya ƙirga filoginsa, ya faɗi ko sabo ne, ko Baljiyam, ko wanda aka gyara. Ga wanda karatun boko bai ishe shi ba, saƙon murya da hoto suna yin aikin, muddin lambar ta fito a hoton, domin harufa irin su B da D da E a waya ba su da amana.

Mai saye ma da nasa nauyin. Kafin ya tura ko sisi ya aika hoto uku: takardar ƙofa ko lambar shasi, lambar da ke jikin injin, da tsohon kayan ta fuskar da lamba ko soket yake. In an taɓa sauya inji ko giya ko fuska, ya faɗa. Bakanike ya fi mai mota sanin wannan, don haka shi ya kamata ya yi magana da mai kaya, ba mai mota da ke ofis yana karanto abin da aka faɗa masa ba.

Amfanin wannan duka yana bayyana ne ranar da aka yi kuskure, domin za a ci gaba da yi. Yau in kaya bai shiga ba, wanda ya fi ƙarfin murya shi ke da gaskiya, ko kuma a nuna wa mai saye rubutun da ke ƙasan rasit cewa ba a mayar da kaya. In akwai rubutaccen bayani da hotuna uku a waya, shari'ar ta zama ta minti biyar. Jerin ya ce yana shiga 2AR-FE, motar 2AR-FE ce, bai shiga ba: mai kaya ya karɓi kayansa ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa. Mai saye ya ɓoye cewa an sauya inji, ko ya ƙi turo hoto: kuɗin motar nasa ne. Kayan lantarki, waɗanda 'yan kasuwa suke da hujjar ƙin karɓa bayan an jona su, sai a amince cewa za a gwada lamba da soket kafin a jona, ba bayan an jona ba. Ƙungiyoyin kasuwanni, waɗanda dama su ke sasanta irin wannan rigima kullum, su ya kamata su rubuta wannan ƙa'ida su liƙa a ofishinsu, kafin wata hukuma ta rubuta musu wadda ba ta san kasuwa ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta riga ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai yi daidai da yadda aka siffanta masa ba. Matsalar ita ce a wannan kasuwa galibi babu siffantawar da za a auna kayan da ita.

Ga wanda yake ganin wannan baƙon abu ne daga Turai, ya tuna darasin zaure. Malaman Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye in an siffanta shi, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane gari namu, ta ambaci sayen kaya a ɗaure cikin dami bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki, abin da suke kira barnamaj. In aka kwance dami aka tarar da shi yadda takarda ta faɗa, ciniki ya zauna. In ya saɓa, mai saye yana da zaɓi. Giyabos ɗin da aka naɗe cikin buhu aka ɗora a but ɗin motar Potiskum dami ne, kuma kalmar "ta Masul" ba ta kai siffa ba.

Ba mu sa ran Kofar Ruwa ta koma kundi cikin shekara guda, ba ma so yaron nan mai tsumma ya daina zuwa, domin in ana gari ɗaya har gobe haɗa ƙarfe da ƙarfe ya fi. Abin da muke nema a fara da shi ƙarami ne: duk kayan da zai hau motar haya ya bar gari, musamman inji da giya da ƙwaƙwalwa da kayan burki da sitiyari, kada ya tashi sai an rubuta lambarsa da lambar injin da aka saye shi dominsa a kan rasit, an kuma ɗauki hoton rasit ɗin a jikin kayan kafin yaron shago ya ɗaure buhu.